Sharaɗin Canjin Kuɗi a Takardar Farashi: Yadda Mai Fitar da Riɗi Zai Tsare Uwar Kuɗinsa

A Kasuwar Dawanau ta Kano, idan kakar riɗi ta kama, abin da ido ke fara gani shi ne buhuna jibge har rufin sito, da 'yan dako suna ta hawa da sauka a kan tirela, da mata a gindin bango suna sheƙa da tankaɗe. Amma duk wanda ya zauna da masu fitar da kaya waje ya san hankalinsu a rabe yake. Ido ɗaya na kan sikeli, ɗayan na kan waya, ana duba nawa dala ta kwana. Dalili kuwa shi ne ɗan kasuwa da naira yake sayen riɗi, da naira yake biyan masu gyara da mota da dako, amma da dala yake sayarwa. Tsakanin ranar da ya faɗi farashi da ranar da kuɗinsa za su shigo akwai wata biyu, wani lokaci uku. A cikin waɗannan watanni canji na iya cinye ribar kakar gaba ɗaya, alhali riɗin yana da kyau, awo ya cika, mai saye kuma ya biya daidai abin da aka yi alkawari.

Mutane da yawa sun ɗauka faɗuwar naira ce kawai abin tsoro. Ga mai shigo da kaya haka ne. Mai fitarwa kuwa, tashin naira ne ke karya shi. An ga haka ƙiriƙiri a 2024. A watan Fabrairu dala ta haura naira 1,500 a kasuwar hukuma, zuwa tsakiyar Afrilu ta sauko ƙasa da 1,200, kafin ƙarshen Mayu kuma ta sake komawa kusan inda ta fito. Wanda ya tara kaya a Fabrairu da tsadar da ta dace da dalar Fabrairu, kuɗinsa suka iso a Afrilu, ya karɓi kowace dala da giɓin da ya haura naira ɗari uku. Tun daga Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya haɗe farashin canji ya bar kasuwa ta yi halinta, irin wannan lilo ya zama abin da dole a sa shi cikin lissafi.

Akwai wata 'yar dabara da 'yan kasuwar duniya suka daɗe suna amfani da ita, wadda ba ta buƙatar komai sai alƙalami da gaskiya. Ita ce a rubuta sharaɗin canjin kuɗi a cikin takardar farashin da ake aika wa mai saye. Sharaɗin yana cewa: ga farashina, na gina shi a kan canji kaza, idan canji ya motsa fiye da kaza kafin rana kaza, to ga yadda za mu raba abin da ya biyo baya. Tun ran gini ran zane.

Lissafin tan talatin da takwas

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. Lambobin na misali ne, an zaɓe su don lissafi ya yi sauƙi, amma tsarin cinikin haka yake.

Wani Alhaji a Dawanau ya sami mai saye a Turkiyya, mai masana'antar niƙa riɗi, yana son kwantena biyu zuwa tashar jiragen ruwa ta Mersin. Kwantena mai ƙafa ashirin tana ɗaukar kimanin tan 19 na riɗi, saboda haka kayan tan 38 ne. Alhaji ya zauna ya haɗa kuɗin riɗin, da gyara, da buhu, da motar Kano zuwa Legas, da kuɗin tasha da na takardu, ya ga kowane tan zai tsaya masa a kan naira 2,070,000. A ranar dala tana 1,500. Sai ya faɗi dala 1,500 a kan kowane tan, FOB Legas, wato shi ke da nauyin kaya har su hau jirgi, daga nan kuɗin jirgi da sauransu na mai saye ne. Dala 1,500 a canjin 1,500 ta ba shi naira 2,250,000. Ribarsa naira 180,000 ke nan a tan. Jimlar cinikin dala 57,000.

Ciniki ya faɗa, ya sayi kaya, ya gyara, ya ɗora a mota. Ranar da aka loda a jirgi dala ta sauko 1,350. Dalarsa 1,500 yanzu naira 2,025,000 ce. Ribar 180,000 ta tafi, ta kuma ja naira 45,000 daga uwar kuɗi a kowane tan. A tan 38 asarar ta kai naira 1,710,000. Motsin kashi goma cikin ɗari ne kawai ya yi wannan aiki, domin ribar da ake samu a irin wannan ciniki siririya ce, ba ta kai kaurin motsin canji ba.

A nan ne mafi yawan rigima ke tashi. Alhaji ya ɗauki waya ya ce wa mai saye kasuwa ta juya, a ƙara masa wani abu. Mai saye ya buɗe takarda, bai ga inda aka yi wannan magana ba. Ko ya ƙi, Alhaji ya haɗiye asara, ko ya yarda da ɓacin rai, badi ya nemi wani. Da an rubuta sharaɗin tun farko, da wannan wayar ba ta zama roƙo ba.

Abubuwa biyar da sharaɗin zai ƙunsa

Na farko shi ne canjin tushe, wato canjin da aka gina farashin a kansa. A rubuta shi da lamba da kwanan wata. A misalinmu, dala ɗaya naira 1,500. Idan babu wannan lamba, babu inda za a auna motsi daga gare shi.

Na biyu shi ne inda za a duba canjin. Wannan ne wurin da 'yan kasuwarmu suka fi yin sakaci. A Najeriya dala ba farashi ɗaya gare ta ba: akwai na hukuma, akwai wanda bankinka zai ba ka, akwai na 'yan canjin Wapa. Mai saye da ke zaune a Turkiyya ba shi da hanyar tabbatar da abin da aka sayar da dala a Wapa ranar Talata, kuma ba zai ɗauki kalmar wanda zai amfana da ita a matsayin hujja ba. Dole a zaɓi farashin da ake wallafawa kullum a fili, wanda kowa zai buɗe daga ɗakinsa ya gani, kamar wanda Babban Bankin Najeriya ke sakawa a shafinsa. Idan cinikin tsakanin yuro da dala ne, Babban Bankin Turai yana fitar da nasa a kowace ranar aiki. A ambaci sunan bankin a cikin takarda, kada a ce "farashin kasuwa" a yi shiru.

Na uku shi ne ranar awo. Ranar da ta fi dacewa ita ce wadda aka buga a takardar lodi, wadda kamfanin jirgi ke bayarwa idan kaya sun hau. Ba mai sayarwa ne ya rubuta ta ba, ba mai saye ba, kuma tana zuwa kafin a rufe takardar kuɗi ta ƙarshe. Ranar biya ba ta da wannan kyau, domin tana hannun mai saye, zai iya jinkirtawa ko gaggautawa idan ya ga inda canji ya dosa. Tun da canji kan yi tsalle na kwana ɗaya ya dawo, wasu kan ɗauki matsakaicin kwanakin aiki biyar da suka gabaci ranar lodi, kuma hakan ya fi adalci.

Na huɗu shi ne tazarar da ba a taɓa farashi a cikinta. Canji kullum yana motsi, ba kuma za a riƙa sake lissafi saboda naira goma ko ashirin ba. Sai a ce muddin motsin bai wuce kashi 3 cikin ɗari sama ko ƙasa ba, farashi na nan yadda yake. A kan tushen 1,500, tazarar ta kama daga 1,455 zuwa 1,545. Yadda ake zaɓen faɗinta shi ne mai sayarwa ya tambayi kansa: kashi nawa ribata za ta iya sha ba tare da na ji jiki ba? Ribar Alhaji kashi 8 ce cikin ɗari na farashin sayarwa, don haka kashi 3 ba zai kayar da shi ba. Wanda ribarsa kashi 4 ce ba zai iya ba da tazarar kashi 5 ba.

Na biyar shi ne rabo da iyaka. Abin da ya haura tazarar, wa zai ɗauka? Raba daidai shi ne ya fi saurin karɓuwa. Sannan a sa rufi: idan motsi ya wuce kashi 15, lissafi ya tsaya a nan, a koma teburin ciniki.

Ga yadda sharaɗin zai kasance idan aka haɗa su. A takardar gaske za a rubuta shi da harshen da ake cinikin da shi, amma ma'anar ita ce:

"An gina wannan farashi a kan canjin dala ɗaya naira 1,500, kamar yadda Babban Bankin Najeriya ya wallafa a ranar da ke saman wannan takarda. Za a sake duba canjin a wurin bankin, a ɗauki matsakaicin kwanakin aiki biyar da suka gabaci ranar takardar lodi. Idan bambancin bai wuce kashi 3 cikin ɗari ba, farashi ba zai canja ba. Idan ya wuce, za a ɗauki rabin abin da ya haura kashi 3 a ƙara a kan farashi idan dala ta sauka, a rage idan dala ta hau. Ƙari ko ragi ba zai wuce kashi 6 cikin ɗari ba. Idan bambancin ya haura kashi 15 kafin a yi lodi, ɓangarorin biyu za su tattauna cikin kwanakin aiki biyar, kuma kowa na da damar janyewa daga kayan da ba a loda ba. Sharaɗin ya shafi kuɗin da ba a riga an biya ba ne kawai. Wannan tayi yana aiki na kwana bakwai."

Mu koma kan Alhaji

Dala ta sauko daga 1,500 zuwa 1,350, bambancin naira 150 ne, wato kashi 10 cikin ɗari. A cire kashi 3 na tazara, saura 7. A raba biyu, kashi 3.5. Farashin tan ya tashi daga dala 1,500 zuwa 1,552.50. A canjin 1,350 wannan naira 2,095,875 ce. Alhaji bai sami ribar da ya yi buri ba, amma ya fita da naira 25,875 a kowane tan, jimla 983,250, maimakon asarar miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai da goma. Mai saye kuma ya ƙara dala 1,995 a kan 57,000 ɗinsa. Kowa ya ji zafi kaɗan, babu wanda ya durƙushe.

Yanzu a juya. A ce dala ta hau 1,650. Lissafin ɗaya ne, kashi 3.5, amma ragi. Tan ya koma dala 1,447.50, mai saye ya biya 55,005. Alhaji ya karɓi naira 2,388,375 a tan, ribarsa ta kai 318,375, duk da ragin da ya yi. A nan ne zuciya kan raya wa mutum cewa da bai sa sharaɗin ba da ya cinye duka. Gaskiya ne. Wannan ragin shi ne kuɗin da ya biya don samun kariya a ɗaya ɓangaren. Sharaɗin da ke aiki ta gefe ɗaya kawai, wanda ke ƙara farashi idan naira ta yi ƙarfi ya yi shiru idan ta faɗi, duk mai saye mai wayo zai gane shi daga karatun farko, kuma daga nan zai fara zargin sauran abin da ke cikin takardar.

Yadda ake yi wa mai saye bayani

Rubuta sharaɗi ya fi sauƙi a kan sa mutum ya yarda da shi. Abin da ya kamata a tuna shi ne mai saye bai damu da naira ba. Ba ya kashe ta, ba ya ajiye ta, kuma shi ma yana fama da kuɗin ƙasarsa. Abin da yake so shi ne lamba ɗaya da zai gina nasa lissafin a kai, domin shi ma ya yi wa wasu alkawarin farashi. Idan ya ga sharaɗin a ƙasan takarda da ƙananan baƙaƙe ba tare da an gaya masa ba, abin da zai fahimta shi ne an bar ƙofar ƙara masa kuɗi a buɗe. Don haka a faɗa masa da baki kafin takarda ta isa, sannan a bi da rubutu.

Kada a fara da kukan halin da ƙasa ke ciki. A fara da abin da zai samu. Ɗan kasuwar da ba shi da sharaɗi, idan yana da hankali, yakan cusa kashi huɗu ko biyar a cikin farashi don tsoron canji, mai saye ya biya ko canji ya motsa ko bai motsa ba. Mai sharaɗi yana iya cire wannan kitse. Hanya mafi gamsarwa ita ce a ajiye masa farashi biyu ya zaɓa da kansa. Alhaji zai iya cewa:

"Ɗan'uwa, ga farashi iri biyu. Idan kana son tsayayye wanda ba ya motsi, dala 1,560 ne a tan, domin ni zan ɗauki haɗarin canji ni kaɗai. Idan ka yarda mu raba haɗarin, 1,500 ne. Muddin dala tana tsakanin naira 1,455 da 1,545 a makon lodi, 1,500 za ka biya, ko sisi ba za a ƙara ba. Idan ta fita daga nan, rabi nawa rabi naka, ko hawa ko sauka. Komai ya faru ba za ka biya sama da 1,590 ba, kuma zai iya sauka har 1,410. Lambar da za mu duba ba tawa ba ce, tana shafin Babban Banki, kai ma za ka gani daga ofishinka."

A cikin wannan magana, jimlar da ta fi kwantar masa da hankali ita ce ta rufin 1,590, saboda ta ba shi mafi munin abin da zai iya faruwa. Da ita zai san cewa kwantena biyun ba za su wuce dala 60,420 ba. Bayan wayar sai a tura masa lissafi uku a rubuce, da lambobin cinikinsa: idan dala ta zama 1,350, idan ta zauna a 1,520, idan ta kai 1,650. Gani ya kori ji. Mutumin da ya ga layin da farashinsa ya sauka zuwa 1,447.50 ya daina kallon sharaɗin a matsayin tarko.

Tambayar da kusan kowane mai saye ke yi ita ce: "Me ya sa zan ɗauki matsalar kuɗin ƙasarku?" Amsar gaskiya ita ce yana ɗauka tun da daɗewa, a ɓoye. Yana ɗauka a cikin farashin da aka kumbura, yana kuma ɗauka a ranar da mai kaya ya ga asara ya fara jan ƙafa, ko ya rage ingancin gyara, ko ya daina ɗaukar waya. Sharaɗin ya fito da abin fili ne ya sa masa iyaka. Idan ya fahimta ya yarda, a tabbata ya rubuto amincewarsa, kuma sharaɗin ya bi cinikin daga takardar farashi zuwa yarjejeniyar da aka sa wa hannu, kalma da kalma. Sau da yawa mai saye kan turo tasa takardar oda da farashi tsayayye, babu sharaɗin a ciki. Wanda ya sa hannu a kanta bai duba ba, ya yi watsi da kariyarsa da hannunsa.

Ramukan da ake faɗawa

Babban rami yana nan gida, a Dawanau. Farashin riɗi a kasuwa yana bin dala. Idan dala ta hau, masu kaya a Maigatari da sauran kasuwannin ƙauye sun ji labari kafin azahar, buhu ya tashi. Lissafin da muka yi na ribar 318,375 ya tsaya ne a kan cewa Alhaji ya riga ya sayi kayansa lokacin da dala take 1,500. Idan ya sa hannu a ciniki ya zauna bai saya ba har dala ta kai 1,650, zai sayi riɗi da tsada, sannan sharaɗin da ya rubuta da kansa ya tilasta masa yi wa mai saye ragi. Duka biyu ke nan. Saboda haka wannan sharaɗi na wanda kayansa ke sito ne, ko wanda zai saya cikin kwanakin da aka ƙulla ciniki. Wanda ya san sai bayan wata ɗaya zai shiga kasuwa, sai ya rubuta cewa canjin tushe shi ne na ranar da kuɗin kafin alƙalami suka shigo, ya kuma sayi kaya a wannan makon.

Rami na biyu shi ne kuɗin kafin alƙalami. Idan mai saye ya ba da kashi 30 tun farko, wato dala 17,100, an riga an canja su, canji ba zai ƙara taɓa su ba. Lissafin zai hau kan ragowar dala 39,900 ne, ƙarin kashi 3.5 ya zama dala 1,396.50 maimakon 1,995. Wanda ya lissafa a kan jimlar duka ya ci haƙƙin mai saye. Haka kuma idan farashin CIF ne, wanda ya haɗa da kuɗin jirgi da inshora har tashar mai saye, kuɗin jirgin da dala ake ƙayyade shi, bai da alaƙa da naira. A ware shi a takarda, sharaɗin ya hau kan kuɗin kaya kaɗai.

Rami na uku banki ne. Idan biyan ta wasiƙar lamunin banki ne, wadda aka fi sani da LC, bankin takarda yake dubawa, bai san wata fahimta da aka yi a waya ba. Idan an buɗe ta a kan dala 57,000 da 1,500 a tan, aka kawo takardar kuɗi mai 58,995, zai ce takardu sun saɓa, ya ƙi biya. Dole tun wajen buɗewa a nemi mai saye ya sa sassaucin kashi 6 sama da ƙasa, a jimla da kuma farashin tan. A gida ma, adadin da ke fom ɗin NXP shi ne banki ke jiran ya dawo cikin kwana 180 da doka ta ba masu fitar da kayan da ba mai ba. Idan farashi ya sauka saboda sharaɗi, kuɗin da suka shigo za su gaza abin da aka rubuta. A nuna wa jami'in banki sharaɗin tun ranar cike fom, a tambaye shi yadda za a gyara adadin idan ya canja, kada sai kuɗi sun iso a fara neman bayani.

Akwai kuma abin da sharaɗin ba ya rufewa. Daga ranar lodi zuwa ranar da dala za ta shiga asusu, haɗarin na mai sayarwa ne shi kaɗai, shi ya sa ake son biya ya biyo bayan takardu da kwanaki kaɗan. Canjin da banki zai ba shi ma ba lallai ya yi daidai da wanda aka wallafa ba, ya kamata ya san girman wannan giɓi ya sa shi cikin kuɗin da ya kashe. Wanda kuma yake da damuwa ta fuskar addini, tun da sharaɗi ne a fiƙihu kuɗin kaya ya zama sananne ga mai saye da mai sayarwa, ya kai wa malamin da ya san mu'amalar kasuwanci rubutun sharaɗin, ya nuna masa cewa hanyar lissafi a bayyane take, tana da rufi, kuma ana tsayar da lamba ta ƙarshe a rana sananniya.

Ga 'yan'uwanmu na Nijar, Kamaru da Chadi, lamarin ya ɗan bambanta. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, tun 1999. Ɗan kasuwar Maraɗi da ya faɗi farashi da yuro ba ya buƙatar wannan sharaɗi. Idan ya faɗa da dala, to motsin dala da yuro ya shafe shi kai tsaye, kuma sharaɗinsa zai fi saurin karɓuwa, domin canjin yuro da dala abu ne da kowane mai saye a duniya ya saba dubawa.

Idan mai saye ya ƙi

Zai iya ƙi, musamman idan yana da tayi daga Sudan ko Habasha ko Indiya da farashi tsayayye. Ƙin nasa ba ƙarshen ciniki ba ne. Ya riga ya ga farashi na biyu, 1,560, ya san abin da tsayayyen farashi ke ci. Ana iya rage kwanakin tayin daga bakwai zuwa uku, a nemi kafin alƙalami mai kauri a canja shi nan take a zuba a kaya, ko a tambayi banki ko zai yarda a ƙulla sayar masa da dalar da ake jira a kan canjin da aka tsayar tun yau. Kowace daga cikinsu tana rage kwanakin da kuɗin mutum ke rataye.

Abin da bai kamata ba shi ne a aika da farashi tsirara, a ce Allah ya kiyaye, alhali lissafin da zai nuna girman haɗarin bai fi na minti goma ba. Kafin takarda ta bar hannunka, ɗauki farashinka ka buga shi da canjin da ya gaza na yau da kashi goma. Idan abin da ya fito ya kasa kuɗin da ka kashe, kamar yadda na Alhaji ya kasa da naira 45,000 a tan, to takardar ba ta gama rubutuwa ba.